Tayin sulhu a Guangzhou da kalmomi biyu na saman wasiƙa

Duk wanda ya taɓa ciniki a Kantin Kwari ko Kurmi ya san hukuncin tayi. Ka taya kaya, mai kaya ya ce albarka, shi ke nan tayinka ya faɗi, ba wanda zai bi ka gobe ya ce ai jiya ka yarda da wannan kuɗin. In kuwa ya ce ya sallama, ciniki ya faɗa, ba ka da ikon janyewa. Lauyoyin Ingila sun daɗe da gina irin wannan hukunci a kan takarda domin masu rigima da ke son sasantawa, suka kuma yi masa alama da kalmomi biyu da ake rubutawa a saman wasiƙa: “Without prejudice”. Abin da mai wasiƙar yake cewa shi ne, ga tayina domin a kashe magana, in ka karɓa ya zama alkawari a kaina, in ka ƙi kuwa haƙƙina yana nan cif, kuma ba ka da damar ɗaukar wannan takarda ka miƙa wa alƙali a matsayin iƙirarina. Haka kotun ɗaukaka ƙara ta Ingila ta bayyana ma'anar tun 1889 a shari'ar Walker da Wilsher.

Dalilin kafa ƙa'idar a bayyane yake. Ba a sulhu sai kowa ya sassauto, kuma ba mai sassautowa in ya san za a kama shi da abin da ya faɗa. Magana zarar bunu ce. Wanda ake bin sa dala 10,000 yana musu, ba zai ce zai ba da 4,000 a rabu lafiya ba in ya san gobe za a karanta wa alƙali cewa da bakinsa ya amsa akwai bashi.

Abin da ke burge ni shi ne yadda wasu daga cikin mutanenmu da ke zaune a Guangzhou suka iya wannan abu, har suka san iyakarsa fiye da wasu masu digiri. Ina nufin ejan-ejan da tafintocin da ke kai da kawo tsakanin unguwannin Xiaobei da Sanyuanli da masana'antun Foshan da Dongguan, waɗanda Alhazan Kano da Maraɗi ke damƙa wa amanar kwantenoninsu. Gwani a cikinsu ya gane wani abu da sabon shiga bai gane ba: kalmomin nan biyu ba su da ƙarfin kansu. Ƙarfinsu daga dokar wurin da za a yi shari'ar yake fitowa, kuma Guangzhou ba Landan ba ce, ba Kano ba ce.

A Najeriya maganar a rubuce take. Sashe na 196 na Dokar Shaida ta 2011 ya hana a gabatar da abin da ke cikin takarda mai ɗauke da wannan alama a shari'ar da ba ta laifi ba domin a tabbatar da abin da ta ƙunsa, matuƙar an rubuta ta ne a lokacin neman sasanta rigima a wajen kotu. Sashe na 26 kuma ya rufe iƙirarin da aka yi bisa sharaɗin ba za a kai shi shaida ba, ko an faɗi sharaɗin ƙarara ko kotu ta fahimce shi daga yanayin maganar. A Hong Kong, wadda jirgin ƙasa mai sauri ke kai mutum daga Guangzhou cikin kamar awa guda, tsarin shari'ar Ingila ya ci gaba da aiki bayan 1997, don haka ƙa'idar tana nan daram. Amma a babban yankin ƙasar Sin babu wata doka da ta ce wannan alama tana toshe bakin takarda. Abin da ke akwai shi ne sashe na 107 na bayanin da Kotun Ƙoli ta Jama'a ta fitar a 2015 a kan dokar gudanar da shari'a, wanda ya ce abin da mutum ya amsa domin sassautawa a cim ma sulhu ba za a yi hujja da shi a kansa ba daga baya, sai in doka ta ce akasin haka ko ɓangarorin duka sun yarda. Sai dai lafazin sashen ya fara ne da cewa a cikin shari'a. Hirar da aka yi wata uku kafin a shigar da ƙara, a ofishin masana'anta ko ta waya, ba ta da tabbacin wannan rumfa. Alƙali yana iya karɓar ta, ya auna ta tare da sauran hujjoji.

Ga kuma wani abu da ya ƙara wa lamarin nauyi. Kusan duk cinikin Guangzhou a WeChat ake yin sa, da rubutu da saƙon murya da hoton inbois. Tun daga 1 ga Mayu 2020, dokokin shaida na Sin da aka sabunta sun ambaci saƙonnin irin waɗannan manhajoji ƙarara a cikin abin da kotu ke karɓa. Abin da ɗan kasuwa ya tura da tsakar dare cikin fushi ko cikin kunya, yana nan ajiye a wayar yarinyar da ke kula da masu saye a masana'antar.

Mu ɗauki misali, ba na wani mutum takamaimai ba, amma irin wanda ake gani kullum. Wani Alhaji daga Kano ya yi odar fitilun sola 2,000 a kan dala 20 kowace, jimla dala 40,000. Ya ba da kafin alƙalami na 12,000, ya biya 18,000 kafin a yi lodi, kuma saboda an daɗe ana tare aka bar masa cikon 10,000 sai kwana 60 bayan kaya sun sauka. Kaya suka iso, aka fara sayarwa, sai masu saye suka dinga dawowa. Da aka gwada, batirin guda 600 ba ya riƙe caji. Kuɗinsu dala 12,000 ke nan, in aka haɗa da rabonsu na kuɗin jirgi da kwastan, a ce 3,000, asararsa ta kai 15,000. A lissafin Alhaji, in an cire cikon da ke hannunsa, shi ne ma yake bin masana'anta 5,000. A lissafin masana'anta kuwa, kayansu lafiya suka fita, zafin kwantena da daɗewa a tashar Legas ne suka kashe batiran, kuma suna bin sa 10,000 ba ragi.

Alhaji mutumin kirki ne, ba ya son rigima, kuma yana da wata odar a gaba. Abin da zuciyarsa za ta ba shi shi ne ya ɗauki waya ya rubuta: na san kuna bi na 10,000, amma kasuwa ba daɗi, ku karɓi 3,000 mu wuce wurin. A ganinsa ladabi ya yi. A idon lauyan masana'anta kuwa, ya ba da kyautar abu uku a layi ɗaya. Ya amsa bashin gaba ɗaya. Ya ɗora rashin biya a kan kasuwa, bai ɗora a kan lalacewar kaya ba. Ya kuma sabunta wa'adin ƙara, domin a kundin dokokin farar hula na Sin da ya fara aiki a 2021, wa'adin kai ƙara a kan cinikin kaya tsakanin ƙasashe shekara 4 ne, kuma sashe na 195 ya ce da zarar wanda ake bi ya yarda zai biya, lissafin wa'adin yana komawa farko.

A nan ne gwanin eja yake cewa, “Alhaji, dakata tukuna, kada ka tura. Wasiƙa biyu za mu yi, kuma ba rana ɗaya ba.”

Ta farko buɗaɗɗiya ce, ba alama ko ɗaya a samanta, domin ita ana so alƙali ya gan ta. A cikinta ake faɗin matsayin Alhaji cikakke: lambar inbois, ranar da kwantena ta sauka, ranar da aka gano matsalar, adadin fitilu 600, yadda aka gwada su, hotuna da bidiyo masu nuna lambar kowane kwali, da lissafin 15,000. Wannan wasiƙa tana da wani aiki da ba a wasa da shi. Sashe na 621 na kundin nan ya wajabta wa mai saye ya sanar da mai sayarwa aibin kaya cikin wa'adin dubawa da aka yi yarjejeniya a kai, in babu kuma cikin lokacin da ya dace, kuma ba zai wuce shekara 2 daga karɓar kaya ba sai in akwai garanti. Wanda bai sanar ba ana ɗauka kayan sun yi daidai. To, ka ga wanda ya ji daɗin kalmomin nan biyu har ya liƙa su a kan wasiƙar sanarwar aibi ya cuci kansa. In shari'a ta faɗa Kano ko Hong Kong, ya ba abokin rigimarsa abin da zai riƙe ya ce a cire takardar da ita ce babbar hujjarsa. Wannan kuskure ya fi yawa ga masu ɗan ilimin abin, waɗanda ke sa alamar a kan kowace takarda da ta fita daga ofishinsu.

Kafin wasiƙa ta biyu, gwanin yana yin wani abu da a ganina shi ne zuciyar sana'ar a ƙasar Sin. Tunda doka ba ta ba shi kariya kai tsaye ba, sai ya gina ta da yarjejeniya. Yakan tura gajeriyar takarda da Sinanci da Turanci, sakin layi ɗaya tak, mai cewa ɓangarorin biyu sun amince za su tattauna domin sulhu daga rana kaza, kuma duk tayi ko sassauci ko bayani da ya fito a tattaunawar ba iƙirari ba ne, ba kuma wanda zai gabatar da shi a kotu ko gaban masu raba gardama. Sai ya nemi masana'anta ta buga jan hatiminta a kai. Hatimin nan mai zagaye, mai ɗauke da sunan kamfanin da rubutun Sinanci, shi ne abin da ke ɗaure kamfani a can, ya fi sa hannun manajan ciniki nesa ba kusa ba. Yakan kuma duba ko sunan da ke jikin hatimin ya yi daidai da wanda ke kan lasisin kasuwancinsu, domin sau da yawa masana'anta tana Foshan, amma asusun da aka tura wa kuɗi na wani kamfani ne a Hong Kong, inbois kuma yana ɗauke da wani suna na Turanci da ba a yi rajistarsa ko'ina ba. Wannan takarda ba ta ɗaure hannun alƙali ɗari bisa ɗari, amma tana nuna masa a fili cewa abin da ya biyo baya sassauci ne domin sulhu, ta kuma sa wanda ya fito da maganar ya zama mai saɓa alkawari.

Me ya sa ba zai wadatu da rubuta alamar kawai ba? Domin wadda za ta fara karanta wasiƙar wataƙila matashiya ce da ta koyi Turancin ciniki, ba na shari'a ba. Tana iya fassara wa maigidanta kalmomin da ma'anarsu ta yau da kullum, wato babu son zuciya, maigidan ya gyaɗa kai ya ce madalla. Ba a yi yarjejeniya a kan abin da ɗayan bai fahimta ba.

Sai wasiƙa ta biyu. A samanta akwai alamar, duk da haka, domin ba wanda ya san inda rigima za ta ƙare. Amma gwanintar tana cikin jikin rubutun. Ana rubuta shi ne ta yadda ko an karanta shi a kotun Guangzhou ba zai cutar ba. Babu jimlar da ta ce Alhaji ya san ana bin sa, babu ban haƙuri a kan jinkiri, babu labarin kasuwa. Abin da ta ce shi ne: matsayinmu yana nan kamar yadda muka bayyana a wasiƙar ranar kaza, ba mu amince akwai bashi a kanmu ba, amma domin guje wa ɓata lokaci da kuɗin shari'a, kuma domin zumuncin ciniki, a shirye muke mu biya dala 3,000 in za ku sa sabbin batira 600 a kwantena ta gaba, kowa ya yafe abin da yake nema a kan wannan inbois, tayin yana nan har kwana 14, bayan haka ya faɗi da kansa. A lura da yadda kuɗin ya fito. An kira shi farashin kashe rigima, ba a kira shi wani ɓangare na bashi ba. Kuɗi ɗaya ne, amma bambancin sunan shi ne bambancin wanda ya yi tayi da wanda ya yi iƙirari.

Amsa irin wannan wasiƙa ma sana'a ce, kuma nan ne mutane suka fi sakin jiki. A ce masana'anta ta dawo da nata tayin: ku biya 6,000, mu ba da batira 300. In Alhaji ya danna hoton babban yatsa ko ya rubuta “OK” yana nufin ya ga saƙon, ya buɗe ƙofar a ce ya karɓa. Karɓa kuwa tana mai da tayi yarjejeniya, kuma ko a Ingila, inda ƙa'idar ta fi ƙarfi, kotu tana buɗe wasiƙun domin ta gano ko an cim ma yarjejeniya da abin da aka cim ma. Saboda haka gwanin yakan amsa a ƙarƙashin alamar nan dai, ya ce an ga tayinku, ba a karɓa ba, ga namu, kuma babu abin da zai ɗaure kowa sai an sa hannu da hatimi a takardar ƙarshe. Ba ya kuma cakuɗa zance. Maganar sabuwar oda da ranar lodi tana tafiya a wani saƙo dabam, domin in aka haɗa su wuri guda ba a iya raba wanda za a nuna da wanda za a ɓoye.

Haka nan ba ya yaudarar Alhaji da abin da ya ji daga bakin ɗaya ɓangaren. In a cikin tattaunawar manajan masana'anta ya ce gaskiya batiran wancan watan daga wani sabon dillali suka saya, Alhaji zai yi tsalle ya ce an kama su. Eja mai amana zai ce masa, “Ranka ya daɗe, rumfar da ta rufe mu ita ta rufe su.” Ba za a kai wannan furuci kotu ba. Amma sanin da aka samu bai haramta ba: ana iya kai batiran a gwada su a wurin masu gwaji masu zaman kansu, a samo hujjar da ke tsaye da ƙafarta. Kariyar tana kan furucin da aka yi a teburin sulhu, ba ta shafe abin da ya faru a zahiri.

Akwai iyakoki da ya kamata a sani ko a ƙasashen da ke girmama alamar. Dole ne a ce akwai rigima ta gaske da ake neman sasantawa. A shari'ar Bradford & Bingley da Rashid a 2006, kotun ƙoli ta Birtaniya ta wancan lokacin ta ce wasiƙun wanda bai musa bashi ba, sassaucin biya kawai yake roƙo, ba su shiga wannan kariya ba. Wannan ya yi kama ƙwarai da saƙon da Alhajinmu ya so turawa da farko. A ɗaya gefen kuma, a shari'ar Rush & Tompkins ta 1988, kotun ta nuna cewa ba alamar ce ke yanke hukunci ba, tattaunawar sulhu ta gaskiya tana samun kariya ko an manta ba a rubuta ta ba. Sannan ba a fakewa da ita a yi barazana ko zamba. Wanda ya rubuta cewa a biya shi ko ya sa a ƙwace fasfon wani, takardarsa za ta isa gaban alƙali ko me ya rubuta a samanta.

In kwantiragin da kamfanin Hong Kong aka yi, akwai wani makami da ya samo suna daga shari'ar Calderbank ta 1975, rigimar rabon dukiya tsakanin miji da mata. Ana rubuta “Without prejudice save as to costs”. Alƙali ba zai ga tayin ba sai bayan ya yanke hukunci, lokacin da ake maganar wa zai biya kuɗin shari'a. In Alhaji ya yi tayin 4,500 aka ƙi, kotu kuma ta ba masana'anta 4,000 kacal, yana iya neman a ɗora musu kuɗin shari'ar da aka kashe bayan tayin. Hong Kong tana da nata ƙa'idojin kotu a kan irin wannan tayi, musamman in wanda ake ƙara ne zai biya kuɗi, don haka wannan aikin lauyan can ne. A kotunan Guangzhou amfaninsa kaɗan ne, tunda a can galibi kowa shi ke biyan lauyansa sai in kwantiragi ya ce wani abu dabam.

In magana ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, hanya mafi aminci a Sin ita ce a mai da tattaunawar ƙarƙashin wata hukuma. Sulhun da alƙali ke jagoranta bayan an shigar da ƙara yana cikin sashe na 107 kai tsaye. Hukumar raba gardamar ciniki ta CIETAC ma ta tanadi a ƙa'idojinta cewa in sulhun da aka gwada a gabanta ya rushe, ba wanda zai yi hujja da ra'ayi ko tayin da ya fito a ciki. Shi ya sa mai hangen nesa tun ranar oda yake sa wa a rubuta inda za a kai gardama, ba ya wadatuwa da inbois mai shafi ɗaya.

A misalinmu, a ce an tsaya a kan 4,500 da batira 600. Takardar ƙarshe ba ta ɗaukar alamar, domin ita ce za a kai kotu in wani ya saɓa. Tana faɗin wanda zai fara cikawa, ranar biya, kwantenar da batiran za su shiga, abin da zai faru in ba su shiga ba, da harshen da za a bi in Sinanci da Turanci suka saɓa. Gwanin eja yakan nemi a raba kuɗin biyu, rabi a ranar hatimi, rabi bayan ya ƙirga batiran da idonsa a wurin lodi. Kuma in kuɗin da ake rigima a kai yana da yawa, shi da kansa zai ce a kai takardar wurin lauyan Sin ya duba kafin a buga hatimi.

Ɗan'uwa mai odar kaya daga Guangzhou, ranar da rigima ta taso kada ka fara da saƙon murya. Ka duba kwantiraginka ka ga sunan kamfanin da kuka yi da shi da inda aka ce za a yi shari'a, ka aika buɗaɗɗiyar wasiƙar aibin kaya da wuri, ka samo jan hatimi a kan sharaɗin tattaunawa, sannan ka ambaci kuɗi.